Furotokol na bitar bincike kan fargabar ƴan makaranta: wace ƙasa ce za mu ƙirga a matalauciya?

Hadiza_Zariya2:
Assalamu alaikum ƴan gurup. Ina neman shawara don Allah. Ina shirya memuwar ɗina na masta a fannin lafiyar al'umma nan Maradi, kuma malamin da ke duba aikina ya ce in yi rebi sistematik, wato in tattaro duk gwaje-gwajen da aka yi a makarantu don rage fargaba da zullumi ga yara, amma a ƙasashe masu ƙaramin kuɗin shiga kawai. Ya ce kafin in taɓa komai sai na rubuta furotokol na yi mishi rajista a PROSPERO, shafin da ake rajistar irin wannan bita. To na fara rubutawa, wurin mutanen da binciken ya shafa na sa yara ƴan shekara 6 zuwa 18 a firamare da koleji da lise, sai na ɗan leƙa PubMed, rumbun takardun binciken lafiya, don in ga ko akwai kaya, wallahi abin da na gani kusan duk Kenya ne da Indiya da Najeriya da Indonesiya, kuma duk ba su cikin jerin matalautan ƙasashe na Bankin Duniya. Ina tsoron in ƙare da takarda biyu ko uku. In faɗaɗa zuwa masu matsakaicin kuɗin shiga ne, ko in tsaya inda malam ya ce? Kuma wane jeri ne ma zan bi?

Abdu_DanGoulbi:
Wa alaikumus salam. Ke kuwa mi ya kai ki wahala, ki ɗauko jerin bana na Bankin Duniya ki kwafe sunayen ƙasashen, ba su wuce ashirin da ƴan kai ba, Nijar na ciki, Cadi, Mali, Burkina, Burundi, Uganda da sauransu. Duk takardar da ba ta fito daga cikinsu ba ki yar da ita. Shi ke nan.

Dr_Laouali_epi:
Abdu rabin maganarka daidai ne, jerin Bankin Duniya ake bi, amma jerin bana shi kaɗai zai ɓata mata aiki. Kowace shekara ranar 1 ga Yuli suke sabunta shi, iyakar kuwa tana wajen dala 1,100 da ɗoriya ga kowane mutum a shekara, kuma ƙasashe na hawa suna sauka. Kenya sai a 2015 ta fita daga rukunin ƙasa. Nepal da Tanzaniya da Benin sun fita a 2020. Siriya da Yaman su kuma faɗowa suka yi cikin rukunin a 2018.

Ga inda abin ke cizo. Akwai gwajin da Jordans da abokan aikinsa suka wallafa a 2010, an yi shi a makarantun Nepal da yaran da rikici ya shafa, zama 15 cikin sati 5, kuma sun auna fargaba. Lokacin da aka yi shi Nepal na cikin matalautan ƙasashe sosai. In Hadiza ta bi jerin bana za ta fid da shi, alhali yana cikin ƴan kaɗan da suka dace da tambayarta. Don haka a furotokol ki rubuta jimla guda ƙarara: za a ɗauki ƙasa a matsayin mai ƙaramin kuɗin shiga gwargwadon rukunin da Bankin Duniya ya sa ta a shekarar da aka fara ɗaukar yara cikin gwajin. In takardar ba ta faɗi shekarar ba, ki ce za ki duba rajistar gwajin, in babu ki rubuta wa marubutan, in ba su amsa ba ki yi amfani da shekarar da aka wallafa. Bankin na da fayil na Excel na tarihin rukunan tun 1987, ana kiransa OGHIST, kyauta ne.

Hadiza_Zariya2:
Dokta Allah ya saka da alheri. Ke nan gwajin Shamiri na Kenya ba zai shiga ba ko? Shi ne na fi so wallahi, don matasa ne da suka gama sakandare ke jagorantar zaman ba likitoci ba, irin abin da zai yiwu a nan.

Dr_Laouali_epi:
In kin tsaya a matalauta zalla ba zai shiga ba, don a 2019 aka fara shi, Kenya ta riga ta hau. An wallafa shi a JAMA Psychiatry a 2021, ɗalibai 413, sati 4, sun auna fargaba da GAD-7, aka kwatanta da rukunin da aka koya wa dabarun karatu. Amma ƙanwata ki lura da abin da kika faɗa yanzu, kin ce shi kika fi so. Dalilin rubuta furotokol tun farko ke nan, kada ƙa'idar shiga ta bi son zuciyar mai bita bayan ya ga sakamako.

MalamIssa_CEG:
Salam. Ni mushe ne a wani CEG a hanyar Madarunfa, ina koyar da ƴan turwaziyem. In za ki zo makarantu ki fara neman takardar izini daga ansipeksiyo, in ba haka ba darekta ba zai bar ki ki raba wa yara takardun tambaya ba. Kuma ki zo kusa da BEPC, lokacin ne za ki ga fargaba da idonki, akwai yarinyar da duk ranar kompozisiyo sai ciwon ciki da amai, in an gama sai ta warke sarai. Ajina a buɗe yake in kina so.

Nana_Fassouma:
Malam Issa ba anketi za ta yi ba fa, ba za ta shiga aji ba ko sau ɗaya. Binciken da wasu suka riga suka yi ne za ta tattara ta auna. Shi ya sa ma galibi ba a neman izinin kwamitin ɗa'a ga irin wannan aiki. Amma maganarka ta taɓo wani abu, Hadiza fargabar jarabawa tana ciki ko ba ta ciki? Don in kin sa ta, takardu daga Najeriya za su yi miki yawa, kuma ma'auninta daban ne da na fargaba ta gaba ɗaya.

MalamIssa_CEG:
To madalla, na ɗauka zuwa za ta yi. Amma dai kar a bar ta jarabawa a baya, ita ce muke gani kullum.

Hadiza_Zariya2:
Malam na gode ƙwarai da tayin aji. Yaya Nana ban yanke ba tukuna. A zuciyata ina ganin in sa ta a sakamako na biyu, in ba da rahotonta daban, ba zan haɗa ta cikin lissafi guda da sauran ba.

Nana_Fassouma:
Haka ya fi. Kuma tunda an zo kan sakamako bari in faɗi abin da na gani lokacin da muka yi wani bita makamancin wannan a ƙungiyar da nake aiki. Yawancin gwajin makarantu a ƙasashe irin namu ba don fargaba aka tsara su ba, don yaran yaƙi aka yi su, babban abin da suke aunawa shi ne ciwon firgicin bayan bala'i, PTSD, da baƙin ciki mai tsanani. Misali gwajin Tol a Burundi na 2014, shiri iri ɗaya da na Nepal, zama 15 ɗin nan, manyan ma'aunansa waɗannan biyun ne, kuma a jimlace ba a ga bambanci tsakanin yaran da aka yi wa shirin da waɗanda ke jira ba. To tambayar ita ce PTSD fargaba ce a wajenki? Kafin 2013 littafin DSM na rarraba cututtukan ƙwaƙwalwa yana sa ta cikin cututtukan fargaba, DSM-5 ya fid da ita ya ba ta babi nata. Tsofaffin takardu za su kira ta fargaba, sababbi ba za su kira ba. In ba ki rubuta matsayinki ba, ke da wanda ke tace takardu tare da ke za ku yi ta saɓani a kan kowace ta uku.

Ni shawarata ki ce gwaji zai shiga in ya ba da makin fargaba daban, ko da a sakamako na biyu ne, ko da shirin don wani abu aka yi shi. Makin PTSD kaɗai bai isa ba. Sannan ki jera ma'aunan bisa fifiko tun yanzu, saboda takarda guda na iya kawo biyu ko uku. Misali SCARED mai tambaya 41 ko SCAS ko ɓangaren fargaba na RCADS su ne kan gaba, sai GAD-7, kuma abin da yaro ya faɗa da bakinsa ya riga na iyaye da na malami, don malami ya fi ganin mai fitina, yarinyar da ke zaune shiru a bayan aji zuciyarta na bugawa ba ya lura da ita. Ɓangaren motsin rai na takardar tambayoyi ta SDQ tambaya 5 ne kawai kuma ya cakuɗa fargaba da baƙin ciki, ni ba zan ƙirga shi a babban sakamako ba.

Sanoussi_psy:
A nan ban yarda da Hajiya Nana gaba ɗaya ba. Ina ganin marasa lafiya kullum, yaro ba ya zuwa ya ce ina da fargaba, cewa yake kaina na ciwo, gabana na faɗuwa, ba na barci, jikina ya mutu. In kun ce sai SCARED da ire-irensa, kun ba da fifiko ga takardar da aka fassara da gaggawa ba a gwada ta a wurin ba, kun kori wadda aka gina daga bakin mutanen wurin. A arewacin Uganda Bolton da Betancourt sun gina ma'auni daga yadda Acholi ke kwatanta ciwon, APAI, kuma a ciki akwai ɓangaren da ya yi kama da fargaba. Irin wannan ai ya fi gaskiya.

Nana_Fassouma:
Malam Sanoussi ban ce a kore shi ba, a sa shi a jerin. Sai dai gwajin da su Bolton suka yi da shi a 2007 a sansanin ƴan gudun hijira aka yi shi ba a makaranta ba, don haka ta wata ƙofar zai fita. Amma na karɓi gyaranka, Hadiza ki ƙara layi a takardar ciro bayanai: da wane harshe aka yi tambayoyin, an gwada ingancin ma'aunin a wannan ƙasar ko fassara shi kawai aka yi, yaro ne ya cike da hannunsa ko karanta mishi aka yi. Na ƙarshen nan ba ƙaramin abu ba ne, ɗan CM2 da yawa ba ya iya karanta tambaya 41 da faransanci shi kaɗai, kuma in wanda ya jagoranci zaman shi ne ya karanta mishi, yaro zai ba da amsar da za ta faranta mishi rai.

Sanoussi_psy:
To a haka mun daidaita. Sauran abu guda, a sa illa cikin sakamako. Mutane na ɗauka zama da yara a yi magana ba ya cutarwa, alhali in an zaɓo yara goma daga aji aka ce su ne masu matsala, gobe duk makaranta ta sa musu suna. A rubuta za a ciro adadin waɗanda suka bar shirin da dalili, da waɗanda makinsu ya ƙaru.

Abdu_DanGoulbi:
Duk wannan dogon zance ne, tambayar yarinyar nan ba a amsa ba. Ta faɗaɗa ko kar ta faɗaɗa? Ni na ce kar ta faɗaɗa, malaminta ya riga ya faɗi abin da yake so, ranar sutunansi shi ne zai zauna gabanta ba mu ba.

Dr_Laouali_epi:
Abdu na da gaskiya mun kauce. Hanya uku ce. Ta farko ki tsaya a matalauta zalla, ki yarda tun yanzu cewa ƙila ki samu kaɗan, kuma wannan ma sakamako ne, bita da ya nuna babu hujja yana da daraja in an yi neman da kyau. Ta biyu ki ɗauki duk masu ƙarami da matsakaicin kuɗin shiga, amma nan Sin da Turkiyya da Iran da Brazil za su cika miki kwando, makarantunsu kuwa ba su kama da aji mai yara tamanin a rumfar zana ba, kuma aikin zai fi ƙarfin mutum biyu. Ta uku, wadda ni zan zaɓa, ki ɗauki rukuni biyu na ƙasa, matalauta da masu matsakaici na ƙasa-ƙasa, ki rubuta cewa za ki ba da rahoton matalauta daban a tebur nasu. Da haka Kenya da Najeriya da Indiya sun shiga, tambayar malaminki ma ba ta ɓace ba. Sai dai kar ki yi alkawarin gwada bambanci tsakanin rukunan biyu da lissafi in gwaje-gwajen ba su kai 10 ba, ki ce in ba su kai ba za ki kwatanta da baki kawai.

Rabi_biblio:
Ni a laburare nake aiki, bari in sa baki ta wajen nema. Kafin komai ki duba PROSPERO da Cochrane da Campbell ko wani na kan yin irinsa. Manyan bita sun wanzu, na Werner-Seidler na 2017 gwaji 81 ne, amfanin ga fargaba ƙarami ne, wajen 0.20, na Caldwell a Lancet Psychiatry 2019 ya haɗa 137, amma mafi yawansu daga ƙasashe masu arziki suke, wannan shi ne hujjar naki, ki rubuta shi a gabatarwa.

Nema kuma kashi uku ne ake haɗawa, fargaba da makaranta da ƙasa. A PubMed kashi biyu na farko kamar haka:

```
("Anxiety"[Mesh] OR "Anxiety Disorders"[Mesh] OR anxi*[tiab]
 OR internali*[tiab] OR "mental health"[tiab] OR psychosocial[tiab])
AND
("Schools"[Mesh] OR "School Health Services"[Mesh] OR school*[tiab]
 OR classroom*[tiab] OR pupil*[tiab])
```

Na faɗaɗa kashin farko da gangan saboda abin da Hajiya Nana ta ce, takardar da fargaba ke sakamako na biyu sau da yawa ba ta ambace ta a taƙaitawa ba. Kashi na uku kar ki rubuta shi da ka, ki ɗauko matatar ƙasashe ta Cochrane EPOC ki rage ta, sun riga sun yi maganin tarkuna irin su sunan ƙasarmu da ke jawo Aspergillus niger, da Gine da ke jawo guinea pig. Kuma tunda za ki bi shekarar gwaji, dole sunayen ƙasashen da suka taɓa zama a rukunin su shiga ko da yau sun fita. Don ki gane ko neman naki na aiki, ki ware takardu biyar ko shida da kika san dole su fito, na Nepal da na Burundi da Shamiri, in ɗaya bai fito ba akwai rami.

Ban da PubMed ki sa ERIC, kyauta ne kuma na ilimi ne, da CENTRAL, da PsycINFO in kin samu mai shiga, da AJOL da African Index Medicus, da rajistar gwaji ta Afirka PACTR. Nijar na cikin rukunin da ke samun mujallun lafiya na Hinari kyauta ta Research4Life, ki tambayi laburaren makarantarku lambar shiga. Kuma don Allah kar ki rubuta ingilishi kawai, mu da muke ƙasar faransanci, ki sa Cairn da HAL da DICAMES na tez-tez ɗin CAMES.

Hadiza_Zariya2:
Anti Rabi wannan ai kin gama min rabin aiki. Amma leƙen da na yi a PubMed bai hana ni rajista ba ko?

Ibro_stat:
Bai hana ba, neman gwaji na farko halal ne, fom ɗin ma yana tambayar inda kika kai. Abin da ba su karɓa shi ne wanda ya riga ya fara ciro bayanai daga takardu. Da ingilishi ake cike shi, kuma ki bi PRISMA-P na 2015, jagoran rubuta furotokol, abu 17 ne, shi zai nuna miki abin da kika manta.

Ni abin da ke damuna a wannan fanni daban ne, kuma har yanzu ba wanda ya taɓo shi. Gwajin makarantu galibi ba yara ake rabawa da ƙuri'a ba, makarantu ko azuzuwa ake rabawa. Yaran makaranta guda kuwa suna kama da juna, malami ɗaya, unguwa ɗaya, in harin ƴan bindiga ya faru kusa duk tare suka ji shi. Don haka yara 600 ba su kai darajar mutum 600 masu zaman kansu ba. Ga misali na ƙirƙira don a gani. Makaranta 20, kowace yara 30, goma an yi musu shiri goma suna jira. Bayan shiri makin SCARED ya bambanta da 3, karkatar ma'auni 12, girman tasiri ya zama 0.25. In an yi lissafi kamar yara 300 da 300 ne, tazarar amincewa ta kashi 95 za ta kama daga 0.09 zuwa 0.41, kowa ya ce shiri ya yi aiki. Yanzu a gyara:

```
DE = 1 + (m - 1) × ICC
DE = 1 + (30 - 1) × 0.05 = 2.45
600 / 2.45 = 245
```

DE shi ne adadin da ake raba yawan yaran da shi, m shi ne matsakaicin yawan yara a makaranta, ICC kuma gwargwadon kamar da ke tsakanin yaran makaranta guda. Ke nan yara 245 ne na gaskiya, wajen 122 kowane ɓangare. Girman tasirin bai canza ba, yana nan 0.25, amma tazarar ta buɗe daga sifili zuwa 0.50. Abin da ya zama kamar tabbas ya koma ƙila. Kuma a meta-analiz, wato haɗa sakamakon gwaje-gwaje a lissafi guda, gwajin da ba a gyara ba zai ɗauki nauyin da ya fi nasa ya ja sauran.

Abdu_DanGoulbi:
To ita 0.05 ɗin daga ina ka samo ta? In kai ka zaɓe ta ai kai ma son zuciya ne.

Ibro_stat:
Tambaya mai kyau, shi ya sa ake rubuta ta a furotokol kafin a ga wace ce za ta ba da sakamako mai daɗi. Tsarin shi ne in takardar ta ba da nata ICC a yi amfani da shi, in babu a tambayi marubuta, in babu a aro daga gwaji makamancinsa cikin bitar, in duk babu a ɗauki 0.05 sannan a sake lissafi da 0.01 da 0.10 a ga ko hukuncin ya juya. A misalin nan da 0.01 yara 465 ne, tazara 0.07 zuwa 0.43, da 0.10 kuwa yara 154, tazara ta ƙetare sifili zuwa ƙasa. In ya juya haka sai a faɗa a fili cewa sakamakon ya rataya ga wannan zato. Yadda za ki gane takarda ba ta gyara ba, ki duba sashen lissafi, in an ce makarantu aka raba amma sai kika ga t-test ko ANOVA kawai ba maganar gungu, ba a gyara ba. In kuwa sun riga sun gyara ki ɗauki nasu yadda yake, kar ki gyara sau biyu. Mafi muni shi ne makaranta biyu rak, ɗaya shiri ɗaya jira, ko da ƙuri'a aka zaɓa ba za ki iya raba tasirin shirin da tasirin makarantar ba, ki rubuta tun yanzu ko za ki karɓi irinsu, ni dai zan sa su a tebur in hana su shiga lissafi. RoB 2, ma'aunin Cochrane na duba haɗarin karkata a gwaji, na da sigar gwajin gungu, ita za ki ambata, tana tambayar ko an zaɓi yaran kafin a san wace makaranta ta faɗa wane ɓangare.

Mariama_M2:
Ni a nawa bitar cewa aka yi in I², ma'aunin bambancin sakamakon gwaje-gwaje, bai kai kashi 50 ba in yi fixed, in ya wuce in yi random, kuma in sa funnel plot. Ba haka ba ne?

Ibro_stat:
Ana yawan koyar da haka amma littafin Cochrane ya hana zaɓen samfuri bisa gwajin bambanci. Shirye-shiryen nan sun bambanta tun asali, wani wasa da rawa ne na yaran yaƙi, wani CBT ne wato gyaran tunani da ɗabi'a, wani malami ke yi wani matashi, don haka random tun farko, da gyaran Hartung-Knapp in gwaje-gwajen kaɗan ne. Funnel plot kuma, hoton da ake duba ko an ƙi wallafa wasu sakamako da shi, sai sun kai 10. In ba su haɗu ba sam sai a bi jagoran SWiM a yi bayani ba meta-analiz.

Hajiya_Tchima:
Ku gafarce ni ni ba ƴar lissafi ba ce, tsohuwar darektar firamare ce. Ina ta karatu ina jiran wani ya tambaya mi kuke nufi da makaranta. A nan Maradi yara nawa ne ke makarantar allo ba su taɓa shiga lakwal ba? Ga na gefen Gidan Rumji da suka gudo daga Zamfara da Sakkwato tun 2019, wasu a rumfunan karatu na wucin gadi suke. Ƴan mata da yawa kuma kafin su kai shekara 15 sun bar aji. In bitarku ta lakwal ɗin gwamnati ce kawai, waɗanda suka fi shiga tashin hankali ba su ciki, ku dai faɗa a rubuce kar wani a ministan ya karanta ya ɗauka duk yara ake nufi.

Nana_Fassouma:
Inna Tchima wannan magana ce babba. Hadiza ki fayyace shi da sharaɗi biyu, ta makaranta aka samo yaran, kuma a makaranta aka yi zaman, cikin lokacin aji ko bayan an tashi. Ni zan sa makarantun addini da na wucin gadi, in ware su a tebur.

Dr_Laouali_epi:
Islamiyya mai aji da rajista da jadawali na yarda. Tsangaya da rumfar sansani ina da ja, don abin da ake so a sani shi ne ko tsarin makaranta, malami da aji da lokaci, zai iya ɗaukar shirin. In an buɗe ƙofar nan duk wani shiri na unguwa da ya ari ɗakin makaranta ranar Asabar zai shigo.

Nana_Fassouma:
Dokta ai sharaɗin farko ya tare wannan, wanda ya ari ɗaki bai samo yaran ta makaranta ba. Almajiri kuwa yana da malami yana da lokacin karatu.

Dr_Laouali_epi:
Yana da su, amma yana kwana can yana bara, yanayinsa daban ne ƙwarai da ɗan lakwal mai komawa gida. Ban gamsu ba tukuna Hajiya.

Hadiza_Zariya2:
Na kwashe duka. Zan kai wa malam hanya ta uku ta Dokta, in ya ƙi sai in tsaya a matalauta bisa shekarar gwaji. Maganar makarantar allo zan rubuta sigar Yaya Nana da ta Dokta in nuna mishi ya zaɓa. Saura mai tace takardu na biyu, don malam ya ce ba shi da lokaci, kuma an ce mutum biyu kowa daban.

Mariama_M2:
Ni zan yi in za ki taya ni nawa. Mu yi a manhajar tace takardu ta Rayyan, a kunna blind kar mu ga zaɓin juna, mu fara da take 100 mu ga inda muka saɓa kafin mu shiga sauran. Amma rezo a unguwarmu sai da dare.

MalamIssa_CEG:
In kun samu wanda malami ne ya jagoranci zaman, don Allah ku duba kwana nawa aka horar da shi kuma an biya shi ko a'a, kuma darasin wa aka ɗauke aka ba shirin. Mu abin da za a fara tambaya ke nan a majalisar malamai.

Rabi_biblio:
Hadiza ki sa waɗannan ukun na Malam Issa a takardar ciro bayanai, TIDieR, jerin abubuwan da ake kwatanta shiri da su, na da gurbin wanda ya gudanar da irin horon da ya samu, biya da darasin da aka ɗauke kuma ki ƙara da kanki. Ki turo min kashi na uku na neman in kin haɗa in duba miki kafin ki sa a PROSPERO.